Idan Faifan C: Ya Yi Ja: Abin da Ake Gogewa da Abin da Ba a Taɓawa

Duk mai aiki da kwamfutar Windows ya san sandar nan da ke ƙarƙashin faifan C: idan an buɗe This PC. Shuɗiya ce muddin akwai wuri, amma da zarar abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100, sai ta rikiɗe ta koma ja. Daga nan sai sabuntawar Windows ta fara cijewa, adana fayil ya zama da jan rai, mai kwamfuta kuma ya shiga neman abin da zai goge.

Matsalar ta fi damun masu laftof 'yar gwanjo, irin wadda ta cika kasuwannin Kano da Kaduna, mai faifan gigabait 128. Irin wannan faifan, Windows kan nuna shi a matsayin kusan gigabait 119, ita kanta kuma tana cin sama da 20 tun kafin a saka komai. Sauran wurin ba ya daɗewa. Kuma a nan ne ake yin ɓarna, domin mutum yakan bi manyan foldodi yana gogewa bisa girmansu, alhali girma ba ya nuna ko abu yana da amfani. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, wa ya ajiye wannan abin a nan? Abin da mutum ya sauko da shi da hannunsa, shi ne mai ikon goge shi da hannu. Abin da manhaja ta girka, ita ce ta san yadda za ta kwashe shi. Abin da Windows ta ajiye wa kanta kuwa, da kayan aikinta kaɗai ake share shi.

A ƙaddara wata laftof ce a shagon buga takardu, ta shekara uku tana aiki, gigabait 6 kawai ya rage mata. Wurin da za a fara dubawa shi ne foldar Downloads, domin can ne fayilolin girka manhaja suke taruwa, waɗanda masu gyara ke kira setof. Ana gane su da ƙarshen sunansu: `.exe` ko `.msi`, wani lokaci `.iso` ko `.zip`. Idan aka zaɓi View sannan Details, aka danna kan Size, manyan za su hau sama. A irin wannan kwamfutar ba abin mamaki ba ne a ga setof ɗin manhaja ɗaya har sau uku, an bambanta su da lamba a ƙarshen suna, ga kuma fayil ɗin `.iso` na Windows mai sama da gigabait 4 da aka sauko da shi ranar da aka yi wa wata kwamfutar fomatin. Waɗannan duk sun gama aikinsu. Setof yana kwafe manhaja zuwa mazauninta ne, daga nan manhajar ba ta dogara da shi wajen aikin yau da kullum.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ake dubawa kafin a danna Delete. Na farko, wasu manhajoji ba a girka su, daga inda aka ajiye su suke tashi. Idan irin wannan tana zaune a Downloads, goge ta daidai yake da raba kwamfutar da ita. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a danna dama a kan alamar manhajar da ke kan allo, a zaɓi Open file location. In ya kai mutum cikin Downloads, to wannan fayil ɗin shi ne manhajar kanta.

Na biyu shi ne tsadar data da wahalar sake samun wasu fayilolin. Direban tsohuwar firinta, direban Wi-Fi, da setof ɗin manhajar da aka saya da lasisi, waɗannan sun cancanci a kwashe su zuwa filasha a rubuta musu suna, maimakon a goge. Wanda ya taɓa yi wa kwamfuta fomatin ya tarar ba ta ganin intanet, kuma direban da zai gyara hakan yana intanet ɗin, ya san darajar wannan filashar. Setof ɗin burauza ko na Zoom kuwa ba shi da amfanin ajiya, domin kafin a sake buƙatarsa ya tsufa. Haka ma foldodi irin su `C:\SWSetup` a kwamfutocin HP, ko `C:\AMD` da `C:\NVIDIA`: wurin zazzage setof ɗin direbobi ne, direbobin da ke aiki suna wani wuri dabam. Ana iya kwashe su zuwa filasha sannan a goge.

Akwai wata folda kuma da sunanta ke yaudarar mutane, kuma ita ce ta fi kowace jawo nadama: `C:\Windows\Installer`. Ɓoyayyiya ce, ba ta bayyana sai an rubuta adireshinta ko an yi amfani da manhajar auna girman foldodi. Wanda ya leƙa zai ga ɗaruruwan fayiloli masu sunaye marasa ma'ana, haruffa da lambobi a cakuɗe, suna ƙarewa da `.msi` ko `.msp`. A kwamfutar da ta daɗe, foldar kan kai gigabait da yawa. Mai shagon da ke neman wuri zai ce ai tsofaffin setof ne, irin na Downloads. Ba haka ba ne.

Duk lokacin da aka girka manhaja ta hanyar tsarin Windows Installer, Windows takan ajiye kwafin bayanan girkawar a wannan foldar. A ciki ne aka rubuta waɗanne fayiloli aka saka, a ina aka saka su, da abin da aka canza a Registry. Fayilolin `.msp` kuma gyare-gyaren da aka ɗora wa manhajar ne daga baya. Foldar tamkar littafin mai ajiyar kaya ce a tasha: in littafin ya ɓata, kayan suna nan, amma ba mai iya fitar da su bisa ƙa'ida. Ranar da za a sabunta manhajar, ko a gyara ta, ko a cire ta, wannan bayanin Windows za ta nema.

Abin da ya sa ɓarnar ta yi muni shi ne ba ta bayyana nan take. Mai shagon zai goge foldar, ya ga gigabait 10 sun dawo, ya buɗe Word ya ga tana aiki, ya buga takarda lafiya lau. Sai bayan makonni, lokacin da wata manhaja ta zo sabunta kanta, ko ya so cire ta, wani akwati ya fito da saƙon "The feature you are trying to use is on a network resource that is unavailable", yana neman a nuna masa wani fayil ɗin `.msi` da babu shi. Wani lokaci kuskure mai lamba 1612 ne zai fito, wanda ke nufin ba a sami tushen girkawa ba. Manhajar ta maƙale ke nan: ba ta sabuntuwa, ba ta ciruwa, sabuwa kuma ba ta hawa kanta. Kwafo foldar daga kwamfutar maƙwabci ba ya magani, domin kowace kwamfuta da sunayen da ta raɗa wa fayilolinta. Akwai ƙaramar manhajar Microsoft mai suna Program Install and Uninstall troubleshooter da kan taimaka a cire wadda ta maƙale, amma in manhajojin da abin ya shafa suna da yawa, sau da yawa ƙarshen maganar sake girka Windows ne.

Ko Microsoft kanta ta taɓa ƙonewa a wannan wurin. Tana da wata manhaja mai suna Windows Installer CleanUp Utility, wadda ta janye a shekarar 2010 saboda takan lalata wasu manhajojin da ba su aka nufa ba. Idan kamfanin da ya ƙirƙiro tsarin ya janye nasa kayan sharar, bai kamata mai kwamfuta ya shiga da hannu yana zaɓe ba.

Hanyar rage wannan foldar ita ce cire manhajojin da suka cika ta. Mai son sanin na wane ne wane fayil zai iya danna dama a kan layin kanun foldar, ya zaɓi More, ya ƙara Subject; nan sunan manhajar zai bayyana a gefen yawancin fayilolin `.msi`. Kallo kawai za a yi. In aka ga wata tsohuwar manhajar da aka daina amfani da ita ce ta tara kaya, sai a je a cire ta ta hanyar da ta dace, nata fayilolin su tafi tare da ita. Wannan hukuncin ya hau kan `C:\ProgramData\Package Cache`, da `C:\MSOCache` ta tsofaffin Office, domin aikinsu iri ɗaya ne.

Cire manhaja yana farawa ne daga Settings, sai Apps, sai Installed apps a Windows 11, ko Apps & features a Windows 10. Wanda ya saba da tsohuwar hanya zai iya danna maɓallin Windows tare da R ya rubuta:

```
appwiz.cpl
```

Goge foldar manhaja daga Program Files ba cirewa ba ne. Manhaja takan bar sassanta a wurare da dama: ayyukan da ke tashi tare da kwamfuta, direbobi, da rubuce-rubuce a Registry. Sau da yawa ma fayil ɗin da zai cire ta yana cikin foldar da aka goge, don haka sunanta zai ci gaba da zama a jeri, ana danna Uninstall ba abin da ke faruwa.

Kafin a fara, yana da kyau a kafa wurin komawa. A rubuta Create a restore point a wurin bincike, a tabbatar kariyar faifan C: tana kunne, domin a kwamfutoci da yawa a kashe take, sannan a danna Create. Wannan yana mayar da manhajoji da saitunan Windows yadda suke in abu ya lalace, amma ba ya dawo da takardu ko hotunan da aka goge. Waɗannan sai kwafi a filasha.

A cikin jerin, wasu abubuwan ba su da shakka: wasannin da suka zo da kwamfutar, burauza ta uku da ta huɗu, manhajar haɗa wayar da aka sayar tun bara, manhajar sauya bidiyo da aka gwada sau ɗaya. Ranar da aka rubuta a gefen kowace manhaja ba abin dogaro ba ce sosai, domin takan canza duk lokacin da manhajar ta sabunta, kuma ba ta nuna yaushe aka yi amfani da ita.

Inda ake tuntuɓe shi ne layukan da suka yi kama da maimaici. Kusan kowace kwamfuta tana da jerin Microsoft Visual C++ Redistributable: na 2008, na 2010, na 2012, na 2013, na 2015-2022, kuma kowanne kashi biyu, x86 da x64. Mai neman tsafta zai ga kamar sabon ya wadatar, ya cire tsofaffin. Amma sabon ba ya maye gurbin tsohon. Manhajar da aka gina da na 2010, na 2010 take nema, kuma manhaja mai 32-bit tana buƙatar x86 ko da Windows ɗin 64-bit ce. Alamar an cire wanda ake buƙata a fili take: manhaja ta ƙi buɗewa, ta ce ba ta ga `MSVCR100.dll` ba, wanda na 2010 ne, ko `MSVCR120.dll` na 2013, ko `VCRUNTIME140.dll` na 2015 zuwa sama. Maganin shi ne a sauko da kunshin gaba ɗaya daga shafin Microsoft. Shafukan da ke raba fayilolin `.dll` ɗai-ɗai hanya ce ta shigo da cuta. Abin takaicin shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan kunshin 'yan megabait ne, duka jerin bai kai girman fim guda ba, don haka babu ribar da ta kai kasadar.

Haka abin yake ga duk abin da ke ɗauke da sunan .NET, da Microsoft Edge WebView2 Runtime, da direbobin Intel, AMD, NVIDIA, Realtek ko Synaptics. Cire na Realtek kan tafi da sauti ko intanet, na Synaptics kuma yakan rikita wurin shafa yatsa na laftof. Duk sunan da mutum bai gane ba, ya duba kamfanin da ya yi shi a ƙarƙashin Publisher, ya bincika sunan, in bai gamsu ba ya bar shi.

Manhajar da aka saya tana da nata sharaɗin: a nemo lambar lasisi a rubuta, in kuma tana da wurin Sign out ko Deactivate a yi amfani da shi tukuna, domin wasu kamfanonin suna ƙidaya kwamfutocin da aka girka a kai. Manhajar rigakafin cuta kuma takan kafa saiwa sosai, shi ya sa kamfanoninsu suke da kayan cirewa na musamman, kamar MCPR na McAfee da Avast Clear na Avast. Kwamfutar da aka tara wa rigakafi biyu ko uku, cire su ya fi komai sauƙaƙa mata nauyi, kuma Microsoft Defender da ke cikin Windows takan kama aiki da kanta bayan an cire su. A riƙa cirewa biyu ko uku a lokaci guda, a sake kunna kwamfutar, a gwada firinta da sauti da intanet. In aka cire ashirin a zama ɗaya wani abu ya tsaya, ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Bayan cirewa, saura sukan rage. Ana samunsu a `C:\Program Files`, da `C:\Program Files (x86)`, da `C:\ProgramData`, da kuma AppData, wadda ake shiga ta rubuta `%appdata%` ko `%localappdata%` a layin adireshi. Foldodin Program Files guda biyun ba maimaici ba ne: ɗaya ta manhajoji masu 64-bit ce, ɗaya ta masu 32-bit. Foldar da ke ɗauke da sunan manhajar da aka riga aka cire, kuma babu wata manhajar wannan kamfanin da ta rage, ita ce abin nema. Sharaɗin na biyu yana da muhimmanci, domin foldar da aka rubuta wa Adobe, alal misali, takan ƙunshi kayan manhajoji da yawa na kamfanin, kuma Common Files ta kowa ce.

Dabarar da ta fi aminci a nan ita ce canza suna kafin gogewa. A ƙara wa foldar kalma a ƙarshe, kamar `-tsoho`. In Windows ta ƙi, ta ce wani fayil a ciki yana buɗe a wata manhaja, to foldar tana da rai, a ƙyale ta. In ta yarda, a sake kunna kwamfutar a ci gaba da aiki na mako ɗaya ko biyu. Wani abu ya yi ƙorafi, a mayar da sunan, komai ya dawo. Ba abin da ya motsa, a tura ta Recycle Bin. A tuna cewa wurin ba ya dawowa sai an zubar da kwandon, kuma Shift tare da Delete yana tsallake kwandon gaba ɗaya, don haka ba a amfani da shi a wannan aikin.

AppData ce ke buƙatar natsuwa fiye da sauran, domin ba tarkace kaɗai ke cikinta ba. Alamomin shafuka da kalmomin sirrin Chrome suna cikin `%localappdata%\Google\Chrome\User Data`. Wasiƙun Outlook kan zauna a `%localappdata%\Microsoft\Outlook`, kuma in fayil ɗin `.pst` ne, mai yiwuwa shi kaɗai ne kwafin wasiƙun. Ajiyar iPhone da aka yi da iTunes tana cikin `%appdata%\Apple Computer\MobileSync\Backup`, takan kai gigabait masu yawa, kuma wataƙila ita ce kawai wurin da hotunan wayar da ta ɓata suka rage. Wasu manhajojin ma, irin su Zoom da Telegram Desktop, a AppData suke girka kansu. Foldar da ba ta da haɗari a can ita ce `%temp%`: a zaɓi komai a goge, wanda Windows ta ce ana amfani da shi a danna Skip.

Kason Windows kuwa, ita ke share shi. A rubuta `cleanmgr` a wurin bincike, a danna Clean up system files. A jerin da zai fito, Windows Update Cleanup da Previous Windows installation(s) su ne masu nauyi. Na biyun shi ne foldar `Windows.old`, wadda kan bayyana bayan babban sabuntawa, kamar hawa daga Windows 10 zuwa 11 da mutane da yawa suka yi sa'ad da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Takan wuce gigabait 10. Windows na goge ta da kanta bayan kwana 10, kuma da tafiyarta damar komawa tsohuwar Windows ta tafi. Foldar `C:\Windows\WinSxS` ma kan tsorata mutane da girmanta, amma yawancin fayilolinta su ne ainihin waɗanda Windows ke aiki da su, ana ƙidaya su sau biyu ne kawai. Taɓa ta da hannu kan hana kwamfuta tashi. Mai son rage ta sai ya buɗe Command Prompt da Run as administrator ya rubuta:

```
Dism.exe /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
```

Akwai tarko ɗaya a sabon shafin shara na Settings, ƙarƙashin System, Storage, Temporary files: a cikin jerin akwai akwatin Downloads. Wanda ya yi masa alama ya kwashe foldar baki ɗaya, har da takardun kwastomomi da ke ciki. Haka Storage Sense tana da zaɓin goge abin da ya daɗe a Downloads ba a buɗe ba. A bar shi a kan Never.

Manhajojin da ke alƙawarin wanke Registry ba su da gurbi a wannan aikin. Rubutun da manhajar da aka cire ta bari a can bai kai girman hoto guda ba, ba ya rage gudun kwamfuta, kuma Microsoft ta bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da irin waɗannan kayan.

A laftof irin ta shagon nan, Downloads da manhajojin da aka cire da sharar Windows za su iya dawo da gigabait 20 zuwa 30 ba tare da an taɓa ko fayil ɗaya a `C:\Windows\Installer` ba. In an yi duk wannan sandar ba ta bar ja ba, to ba tarkace ne suka cika faifan ba, bidiyo da hotuna ne, ko kuma faifan ne ya yi wa aikin kaɗan. Mai kwamfuta ya kwashe manyan fayilolinsa zuwa faifan waje, ko ya sa a canza masa faifai mai gigabait 256 ko 512, kada ya koma cikin foldar Windows neman wuri.